Na canja farashi tun Talata, wayar mai saye tana nuna na da

Fuseini: Salamu alaikum. Shafin da na yi wa gwaggona mai sayar da atamfa a kasuwar Kejetia ta Kumasi, na ɗaga farashi daga sidi 450 zuwa 520 ranar Talata. Yau Alhamis wata ta zo da wayarta tana nuna 450, har suka yi cacar baki. Awudu ya ce tunda sabar tana aiko `ETag`, dole burauza ya ga canji nan take, laifin wayar ne. Haka ne?

Awudu: Ina nan kan bakana. Aikin `ETag` ke nan, tambari ne da ke canjawa duk sanda fayil ya canja. Burauza ya kwatanta na hannunsa da na sabar, ya ga sun bambanta, ya ɗauko sabo. In bai ɗauko ba, wayar ce ke da matsala.

Malama Rabi: Fuseini, kafin mu ɗora wa waya laifi, nuna mana abin da sabar ke aikowa tare da fayil ɗin farashin.

Fuseini: Ga shi, Malama.

```
HTTP/1.1 200 OK
Cache-Control: max-age=604800
ETag: "a1f3-9c2"
```

Malama Rabi: To ga ɓarawon nan a layi na biyu. Daƙiƙa 604800 kwana bakwai ne cif. Da bakinka ka ce wa burauza ya riƙe amsar nan mako guda, kuma a cikin makon kada ya dame ka da tambaya. Ya bi umarni. Matar nan, in ta buɗe shafin ranar Litinin, wayarta ba za ta sake neman fayil ɗin ba sai Litinin mai zuwa.

Awudu, bayaninka a kan kwatanta tambari daidai ne, inda ka zame shi ne lokacin da ake kwatancen. Tambayoyi biyu burauza ke yi, ɗaya bayan ɗaya. Ta farko a cikin gida yake yin ta: shekarun abin da na ajiye sun wuce `max-age`? In ba su wuce ba, ya miƙa abin da ke ajiye, magana ta ƙare, ko saƙo ɗaya bai fita daga wayar ba. Sai wa'adin ya cika yake zuwa ta biyu, ya aika wa sabar tambarin da ke hannunsa a cikin `If-None-Match`. In tambarin bai canja ba, sabar ta amsa da `304 Not Modified` babu kayan fayil, an rage cin data. In ya canja, ta aiko sabo da `200`. Ka ga, sabar ba ta da hanyar kiran waya ta ce mata na yi sabon tambari. Sai an je an tambaye ta.

Awudu: To me ya sa Fuseini yake ganin 520 a kwamfutarsa? Sabar ɗaya ce, fayil ɗaya ne.

Fuseini: Kai, yanzu na duba. Akwatin `Disable cache` na `DevTools`, wanda ke hana burauza amfani da abin da ya ajiye muddin tagar tana buɗe, a kunne yake, tun wani aiki na manta shi, kuma kullum a buɗe nake barin tagar. Na kashe, na buɗe shafin sau biyu. A karo na biyu, ƙarƙashin `Network`, fayil ɗin yana nuna `200`, amma a wurin girma an rubuta `(disk cache)`.

Malama Rabi: Shaidar ke nan. Wannan `200` ɗin yana ruɗin mutane, sai su ɗauka daga sabar ya zo. Da an je sabar an tarar babu canji, `304` za ka gani.

Alhaji Danlami: 'Ya'yana, ni ban san waɗannan lambobin ba, amma in wayata ta rikice jikana yana shiga ya goge tarihi, komai ya daidaita. A ce wa matar ta goge mana.

Fuseini: Zai yi aiki a wayarta, Alhaji, in aka goge ma'ajiyar da tarihin. Amma gwaggo ba za ta bi kowane mai saye daga Aboabo zuwa Asawase tana ce masa ya goge ba. Ba mu ma san su waye suka buɗe ba.

Awudu: Shi ke nan, cire `max-age` ɗin gaba ɗaya ka bar `ETag` ya yi aikinsa.

Sadiya: Kada ka yi, ni wannan ya taɓa cizona. Jadawalin karatu na wata makarantar Islamiyya na sa a shafi, ban rubuta `Cache-Control` ko kaɗan ba, ina ganin in babu umarni babu ajiya. Na canja jadawalin bayan watanni uku da wani abu, iyaye suka yi ta ganin tsoho kwana da kwanaki. Ashe in ba ka faɗi wa'adi ba, burauza yana yanka wa kansa. Yana duba `Last-Modified`, ya lissafa tsawon lokacin da fayil ya yi ba a taɓa shi ba, ya ɗauki kashi ɗaya cikin goma. Nawa ya kai kwana 100 a zaune, aka ba shi kwana 10.

Malama Rabi: Haka ne, kuma ƙa'idar HTTP ta yarda da wannan kintacen, yana cikin RFC 9111 na 2022. Abin da Awudu yake nema yana da suna, sai dai sunan bai dace da aikinsa ba:

```
Cache-Control: no-cache
ETag: "a1f3-9c2"
```

`no-cache` bai hana ajiya. Cewa yake ka ajiye, amma kada ka yi amfani da shi sai ka tambayi sabar. A nan ne `ETag` ke aiki kamar yadda Awudu ya zata tun farko. Mai hana ajiya baki ɗaya `no-store` ne, shi kuma zai sa a sauko da fayil ɗin dukansa kowane buɗewa, ko bai canja ba.

Awudu: Wato maganata ta tabbata, layi ɗaya ne ya rage.

Sadiya: Layin da ya rage shi ne duk rigimar, Yaya Awudu.

Fuseini: Na gyara yanzu. Matar za ta ga 520?

Malama Rabi: A'a. Sabon umarnin ma sai an zo sabar ake karɓarsa, wayarta kuwa ba ta zuwa. Wanda ya buɗe safiyar Talata kafin ka canja yana tare da 450 har Talata mai zuwa. Mafita ita ce sabon adireshi, domin da adireshi burauza ke gane abin da ya ajiye. Ka sa shafin ya nemi fayil ɗin farashin da sunan `farashi.json?v=2`. Amma duba wanda ke kiran sunan. In `app.js` ne, shi ma kuma ka ba shi mako guda, sai ka canja nasa sunan a cikin `index.html`. In shi ma `index.html` ɗin an ba shi mako, sai wanda ya sabunta shafin da hannunsa, sauran sai haƙuri.

Awudu: Ni dai har yanzu ban gamsu da `no-cache` a fayil ɗin farashi ba, duk da ni na jawo shi. Kun san yadda intanet ke jan ƙafa a cikin kasuwa da rana. Ko `304` ne sai saƙo ya je ya dawo, mai saye yana kallon farin allo. Ni `max-age=60` zan sa. Minti ɗaya na tsohon farashi bai taɓa haɗa kowa faɗa ba.

Sadiya: Mai saye sau ɗaya yake buɗewa a yini. Lokacin da zai dawo mintin ya daɗe da wucewa, tafiyar nan dai sai an yi ta. Me ka rage?

Awudu: Wanda ke yawo tsakanin shafukan kaya goma a zama ɗaya. Tafiya ɗaya maimakon goma.

Malama Rabi: Wannan kam kana da hujja, in kowane shafi yana kiran fayil ɗin. Fuseini ne ya san yadda ya gina shi.

Fuseini: Shafi ɗaya ne, sau ɗaya yake kira. Na duba `index.html`, sa'a guda aka ba shi, alhamdu lillahi. `app.js` kuwa mako ne, na mai da shi `app.2.js`. Gwaggo ta riga ta sayar wa matar a 450, ta ce sidi 70 ɗin a kuɗin aikina za ta cire.