Ubuntu a VirtualBox: allo ya ƙi faɗi, kwafi ya ƙi wucewa, wa ya taɓa gamuwa da wannan?

Sadiya, Gusau: Assalamu alaikum. Na saka Ubuntu 22.04 cikin VirtualBox 7.0 a kan Windows saboda darasin da muke yi. Allon ya tsaya ɗan ƙarami a tsakiya, ko na buɗe tagar gaba ɗaya sai baƙi ya zagaye shi. In na kwafo umarni daga Windows ba ya liƙuwa a ciki, sai na buga harafi-harafi. Linzamin ma yana jan ƙafa. Na danna Insert Guest Additions CD image, faifan ya bayyana, na kashe na kunna, babu abin da ya canza.

Nura mai shagon buga takardu, Jega: Wa alaikumus salam. Malama, Extension Pack za ki sauke. Ni da na saka shi komai ya daidaita.

Malam Bashiru, Birnin Kebbi: Nura, ba shi ba ne. Extension Pack a kan Windows ɗin da ke ɗauke da VirtualBox yake zama, shi kuwa Guest Additions cikin Ubuntu ake girka shi. Malama Sadiya, danna wancan wurin sa faifai ne kawai, bai girka komai ba. Kuma kafin ki girka, sai Ubuntu ya samu kayan da zai gina direbobin da su, domin ana gina su ne daidai da kanel ɗin da kike kai. Fara da wannan:

```
sudo apt update
sudo apt install build-essential dkms linux-headers-$(uname -r)
cd /media/$USER/VBox_GAs_*
sudo sh ./VBoxLinuxAdditions.run
sudo reboot
```

Ki tsaya ki karanta abin da layi na huɗu yake rubutawa, kada ki yi saurin rufe tagar. Wani ɗalibina ya tsallake layi na biyu don tattalin data, shirin ya gudu har ƙarshe kamar ya yi, alhali a tsakiya ya rubuta masa "This system is currently not set up to build kernel modules". Bai lura ba. Sai da muka buɗe /var/log/vboxadd-setup.log muka ga gcc da make ne babu.

Nura: Na gode Malam. Ni dai Windows 10 ne a cikin nawa. Na tuna a ranar na buɗe faifan, na danna VBoxWindowsAdditions.exe sau biyu, na bi Next har ƙarshe. Ashe shi ya yi aikin.

Sadiya: Malam, Allah ya saka da alheri. Da farko faifan ya ƙi shiga, ya ce "Unable to insert the virtual optical disk", sai na fitar da na ciki daga Files na sake sawa. Yanzu allon yana bin tagar duk yadda na ja ta, linzami ma ya sake, yana shiga yana fita ba tare da na danna Ctrl na dama ba. Kwafi ne har yanzu shiru.

Malam Bashiru: Madalla. Shi kwafi a kashe yake zuwa ko an girka komai daidai. Je Devices, Shared Clipboard, ki zaɓi Bidirectional. Kuma a taminal da Ctrl+Shift+V ake liƙawa, Ctrl+V kaɗai ba ya yi. Mutane da yawa a nan suke zaton abin ya lalace.

Hafsat, Kaura Namoda: Yaya Sadiya, in kin yi haka bai yi ba, ga abin da ya same ni. Nawa yana kan Bidirectional amma sai ya yi yau, gobe ya ƙi. Ubuntu 22.04 da Wayland yake tashi, kuma kwafin VirtualBox 7.0 ya fi jituwa da Xorg. Na fita daga asusuna, a wurin sa kalmar sirri na danna ɗan alamar saiti da ke ƙasa ta dama, na zaɓi Ubuntu on Xorg. Tun daga nan bai sake ba ni matsala ba. In kina son ki tabbatar, ki buga `pgrep -a VBoxClient`, ki duba ko akwai layin da ke ɗauke da --clipboard.

Aminu, Argungu: Ni a ganina duk wannan doguwar hanya ce. `sudo apt install virtualbox-guest-x11` kawai na yi, ba faifai ba gini. Kuma `lsmod | grep vboxguest` yana nuna maka ko ya shiga.

Malam Bashiru: Hanyarka tana aiki, Aminu, sai dai sigar da ke rumbun Ubuntu ba lallai ta zo ɗaya da VirtualBox ɗinka ba, kuma kada a haɗa ta da ta faifai a inji guda. Gwajin lsmod kuwa yana yaudara, saboda kanel ɗin Linux da kansa yana zuwa da vboxguest tun siga 4.16, za ka gan shi ko ba ka girka komai ba.

Sadiya: Hafsat, na koma Xorg, rubutu yana wucewa ta ɓangarorin biyu. Amma jawo fayil daga Windows zuwa kan teburin Ubuntu ya ƙi, ko da na sa Drag and Drop a Bidirectional.

Hafsat: Nawa ma haka. Wani lokaci yakan karɓa in na sake shi cikin tagar Files maimakon kan tebur, wani lokaci a'a. Shared Folders nake amfani da shi yanzu, bayan na sa kaina a rukunin vboxsf. Malam, kai ka taɓa samun jawo fayil ya zauna daram a 22.04?