Wane abin kiɗa ne a wannan tsohon kaset ɗin?

Nura Dawanau: Assalamu alaikum. Ku saurari abin da na tura yanzu. Daga wani kaset ne na marigayi Baba, ya zo da shi daga Agadas lokacin da yake fatauci. Babu rubutu a jikinsa. Namiji ne ke waƙa, ba da Hausa ba, kuma abin kiɗa ɗaya ne tak ke binsa. Ni dai kamar kuka nake jin sa. Mene ne wannan?

Sadiya M.: Allah ya jiƙan Baba. Ni sarewa na ji.

Bala Direba: Goge ne, ba wata tantama.

Malam Isuhu Tawa: Wa'alaikumussalam. Sadiya, na gane abin da ya sa kika ce sarewa, don amon yana da iska-iska. Amma ki sake saurara, ki nemi inda mai busa zai tsaya ya ja numfashi. Babu shi. Abin da za ki ji shi ne wata 'yar ƙarza duk lokacin da izga ta kai ƙarshe ta juyo. Gashin doki ne ke gogar gashin doki. Bala ya kusa, dangin goge ne, tsirkiya ɗaya. Sai dai ni ina kyautata zaton anzad ne na Buzaye, wanda wasu ke ce wa imzad.

Bala Direba: To ai duk goge ne Malam, suna kawai aka sauya.

Malam Isuhu Tawa: A'a Bala. Gogenmu ana rufe ƙoƙonsa da fatar guza, muryarsa da kaifi, kuma da wuya ka ji shi shi kaɗai. Akwai masu ƙwarya a gefe suna ba shi ƙarfi, don kiɗan rawa ne. Anzad kuwa ƙwaryarsa ta fi faɗi, galibi fatar akuya ake sa mata, shi ya sa amon ke fitowa da taushi. Mace ce ke kaɗa shi tana zaune, ta ɗora shi a cinya, namiji na rera waƙa. A wannan kaset ɗin ba ƙwarya, ba tafi, ba inda za ka sa ƙafa ka taka. Abin kiɗan yana bin muryar mawaƙin ne sau da ƙafa, in ya yi shiru ya maimaita abin da ya rera.

Sadiya M.: Mace? Wallahi ban taɓa sani ba.

Auwalu Kaset: Ni gargaɗi zan yi, kada kowa ya yanke hukunci da kaifin murya kawai. Na taɓa kai wa wani mai kwafi kaset ɗin goge na kawuna ya juya min a waya. Injinsa na gudu fiye da ƙa'ida, bai gaya min ba. Da na kunna sai gogen ya koma siriri kamar kukuma, mawaƙin kuma dattijo ne amma muryarsa ta zama ta yaro. Na koma in yi magana, ashe injin ya riga ya tauna zaren, asalin ya lalace. Har yau abin na ci min rai. In batir ya yi sanyi kuma akasin haka ake samu, komai ya yi kauri ya ja jiki. Nura, da me ka kunna naka?

Nura Dawanau: Tsohuwar rediyon Baba, da batir. Na kara waya a bakin sifika.

Auwalu Kaset: Ka ji ko. Taushin da Malam ke magana zai iya zama na batir. Ka sa ta a wuta ka sake ɗauka, kuma kada ka ba kowa aron kaset ɗin.

Hajiya Turai: Ba irin abin Ɗanmaraya Jos ba ne?

Bala Direba: Haba Hajiya, kuntigi ai kaɗa shi ake yi da hannu, ƙyas-ƙyas yake fita ya mutu nan take. Wannan ja yake yi.

Hajiya Turai: To ban iya buɗe sautin ba ne, daga bayani na ɗauka. Ba sai ka yi min haba ba.

Bala Direba: Tuba nake Hajiya.

Malam Isuhu Tawa: Auwalu ya yi gaskiya a kan taushi, na janye wannan hujjar har a sake ɗauka. Amma batir ba ya ɓatar da masu ƙwarya. Abin da zai raba gardama shi ne harshen. Zabarmawa ma suna da nasu gogen, Fulani ma haka, kuma kaset ɗin da aka saya a Agadas ba lallai a can aka yi kiɗan ba. Kalmomin sun dushe, na ji kamar Tamashek, harshen Buzaye, amma ba zan rantse ba. Nura, akwai Buzaye a unguwarku?

Nura Dawanau: Akwai wani dattijo mai shayi a bakin kasuwa. Gobe in sha Allah zan kai masa bayan na sake ɗauka.

Malam Isuhu Tawa: Ka bar shi ya ji waƙar tun daga farko, kada ka faɗa masa abin da muke zato.

Bala Direba: Ni dai ina nan kan gogena.

Sadiya M.: Auwalu, wace irin waya ake haɗa rediyo da kwamfuta? Muna da kaset cike da kwali a gida.