Dispensa tana yoyo ta ƙasa, sanyin ma ya ɗauke

Maman Hanifa: Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah wa ya san kan dispensar ruwa? Tamu irin wadda ake kifa wa gora a sama ce, kullum da safe sai na tarar ruwa ya kwanta a ƙarƙashinta, ga famfon sanyin ma yanzu ba sanyi ko kaɗan.

Baffa Idi: Wa alaikumus salam. Gas ne ya ƙare Hajiya, a kira mai gyaran firji ya ɗura mata kawai.

Malam Sale: Baffa a yi haƙuri, gas ba ya kawo yoyon ruwa, matsala biyu ce daban. Maman Hanifa ki fara cire ta daga soket, ruwa a ƙasa da wuta a jiki ba abin wasa ba ne. Sai ki ɗauke gorar, ki goge ko'ina ya bushe, ki bar ruwan da ke cikin tanki ya kwana. In da safe ƙasa a bushe take to gorar ce ta tsage, tsagar da ido ba ya gani ma ta isa, domin iska na shiga ta nan sai ruwa ya yi ta sauka har tanki ya cika ya tumbatsa ta ciki. Mutane da yawa na kai inji gyara alhali gora ce mai laifi.

Anti Rabi: Ni tawa ɗan farantin nan na ƙarƙashin famfo ne yake cika yara ba sa zubarwa, ki duba ko shi ne.

Maman Hanifa: A'a Anti, farantin a bushe yake, daga can ciki ruwan ke fitowa. Malam na yi yadda ka ce, ba gora a kai amma yau ma ƙasa ta jiƙe, ruwan tankin kuma ya ragu sosai.

Malam Sale: To gora ta fita. Ki yagi tishu ki naɗa a gindin kowane famfo daidai inda ya shige jikin injin, wani kuma a murfin magudanar da ke baya ta ƙasa, ki ba shi kamar minti 30. Wanda ya jiƙe shi ne.

Maman Hanifa: Na famfon sanyi ne ya jiƙe sharkaf, kuma da na taɓa famfon sai na ji yana girgiɗi.

Malam Sale: Yauwa. Akwai wata 'yar roba zagayayya tsakanin famfon da bututun tanki, in famfon ya saki ko robar ta bushe ta tsattsage ruwa ba ta baki yake ɗiga ba, jikin injin yake bi ta ciki ya sauka ƙasa shi ya sa ba ki gani. Ki tsiyaye tankin tas, ki warware famfon ta hagu, ki duba robar. In ta lotse ko ta yi tauri ki tafi da ita a ba ki daidai girmanta. Wajen mayarwa da hannu kawai, kar a sa filaya, famfon roba ne zai fashe. Kuma kar ki kunna makunnin zafi sai kin ga ruwa na fita ta jan famfo, in tankin zafi ba ruwa hita ƙonewa take.

Baffa Idi: To sanyin fa? Nan dai ai gas ne.

Malam Sale: Sai mun san irin injin. Wasu ba su da gas sam, ƙaramar fanka ce a baya da wani ɗan faifan lantarki, su in ƙura ta toshe fankar shi ke nan sanyi ya tafi. Hajiya me kike gani a bayanta?

Maman Hanifa: Baƙin ƙarfe ne kamar raga, ba fanka. Jiya kafin na cire ta ina jin ta yi gurnani kaɗan sai ta yi ƙas ta yi shiru, bayan 'yan mintuna ta sake.

Malam Sale: Mai kwampreso ce. Wannan ƙas ɗin kwampreson ne yake so ya tashi ya kasa, yawanci rile ne, ɗan ƙaramin abu a gefen kwampreson, kuma ba mamaki ruwan yoyon ne ya sauka a kansa. Da gas ne ya zube za ki ji kwampreson na ta aiki ba tsayawa amma ragar bayan ba ta ɗau ɗumi ba. Wannan kam kar ki buɗe da kanki, mai gyara ya fara gwada rile kafin ya yi zancen gas.

Baffa Idi: Tawa haka ta riƙa yi, aka canza rile bai yi ba, ashe kwampreson ne ya ƙone.

Malam Sale: Yana faruwa Baffa, ko ƙarancin wuta ma na sa haka, sai an auna za a sani. In za a ɗauke ta a kai gyara a tsaye za a kai ta, in kuwa an kwantar a bar ta tsaye awanni kafin a jona.

Maman Hanifa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Robar na ciro ta, gefe ɗaya a tsage yake. Mai gyara sai gobe zai zo duba kwampreson.