Neman shawara: takardar kwangila ɗaya, mafassara huɗu

Talatu, Ringim: Salamu alaikum. An ba mu takardar neman kwangilar rijiyoyin burtsatse masu sola mu mayar Hausa, shafi 120, kalma wajen 42,000, kwana takwas. Mu huɗu ne. Yaya za mu raba ba tare da kowa ya yi tasa Hausar ba?

Isiyaku: Wa alaikumus salam. Shafi talatin-talatin, Hajiya. Ku buɗe zaure a WhatsApp, wanda ya maƙale ya tambaya.

Malam Habu: Zauren yana da amfani, amma rabon shafi zai cuce ku, Isiyaku. Shafin jadawalin kaya da farashi kusan duk lambobi ne, na sharuɗɗa kuwa cike yake maƙil. A raba da sashe. Sharuɗɗan gama-gari da na musamman su tafi hannu ɗaya, domin na biyun gyaran na farkon yake yi, sakin layi da sakin layi. Mai bayanin famfo da farantan sola shi zai ɗauki jadawalin kaya. Na uku ya riƙe umarnin masu nema da fom-fom.

Na huɗu kada ya fassara komai, dubawa ce aikinsa. Ku ƙidaya lambobi da maimaici ku cire. In saura ya kai 36,000, kowa 2,000 a rana, kwana shida ke nan. Ranar farko ta jerin kalmomi ce, ta ƙarshe ta haɗawa. Kowace yamma a miƙa wa mai dubawa aikin ranar, kada a tara masa sai ƙarshe.

Jerin kada ya wuce kalma 60 zuwa 80, kuma mutum ɗaya ne mai yanke hukunci. Abin da ya fi ɓaci shi ne lamuni. Akwai na shiga takara, akwai na kammala aiki, akwai na kuɗin somin-taɓi. In wani ya kira su duka "jingina", ɗan kwangila zai ɗauka takarda ɗaya zai karɓo daga banki. Haka inda Turanci ya wajabta, kowa ya rubuta "dole ne", inda ya ba da zaɓi, "yana iya".

Sabo, Gumel: Ni ma ina son shiga. Ina ake sayen fom ɗin?

Talatu: Fassara muke yi, Malam Sabo, ba nema ba.

Anti Binta: Ku sa jerin a Google Sheets, amma saboda rashin sabis kowa ya sauke kwafi da safe. Kada a taɓa lambar sakin layi. A ranar ƙarshe ku bi da Ctrl+F ku nemo "dan kwangila" marar ƙugiya. Ni dai "garanti" na fi so a kan "lamuni", shi 'yan kwangila ke faɗa.

Malam Habu: Garanti a kasuwa na kayan da aka saya ne, Anti, ga shi famfon ma yana da nasa a cikin takardar. A tambayi masu aikin su zaɓa tun gobe.