Tsallaka kwalta kafin gari ya waye

Assalamu alaikum. Ina gudu a Maradi kafin asuba, wajen ƙarfe 5, don bayan salla aiki ne a gabana. Na sayi riga mai walƙiya irin ta masu gyaran hanya, ina bin gefen da nake fuskantar motoci, ba na toshe kunne da waƙa. Duk da haka 'yan kabu-kabu sun hana ni sakat. Rigar sai fitila ta haska ta take aiki, su kuwa da yawa ba fitila, ga shi sukan bi hannun da ba nasu ba, sai dai in ji ƙara a bayana. Da hunturu ya shigo, hazo ya ƙara dagula lamarin.

Na koma lungunan unguwa, can kuma rairayi, kwata a buɗe da karnuka. Na ɗaura tocila a goshi, tana nuna min rami, amma wanda ke baya ba ya ganina.

Abin da ya fi damuna shi ne dole in tsallaka kwaltar da manyan motoci ke bi zuwa Zinder kafin in kai fili. 'Yan uwa masu gudun sassafe, shin jar fitila mai ƙyaftawa a baya tana ratsa hazo? Ko gara in haƙura da filin, in yi ta zagaye a gefenmu?