Neman Shawara: Kasafin Kuɗin Hidima na Shekara a Benen Haya

Sakataren kwamitin mazauna: Assalamu alaikum. Benenmu a Abuja yana da gidaje 12, muna tarayya a janareta, rijiyar burtsatse da masu gadi biyu. Kuɗin hidimar da aka tara bara sun ƙare tun kafin shekara ta fita, kuma mazauna sun fara zargin kwamiti. Yaya zan tsara kasafin bana, in kuma yi musu bayanin da za su gamsu?

Tsohon akawu: Wa alaikumussalam. Malam, ka raba kasafin gida biyu. Albashin masu gadi, kwashe shara da yashe masai kusan tsayayyu ne, rasitan bara za su ba ka adadinsu. Dizal ne ke rusa lissafi, saboda haka ka ƙirga shi da lita kafin ka mayar da shi naira. A ce mitar janareta ta nuna awa 6 a rana, kuma yana shan lita 8 a awa, to a shekara awa 2,190 ke nan, lita 17,520, wato lita 1,460 a kan kowane gida. Idan lita ta ƙaru da naira 100 kawai, naira 146,000 ta hau kan kowane gida. Wannan lissafin za ka nuna musu a taro, ka nemi a amince da sake duba farashin dizal duk wata uku. Kada ka manta da juyen baƙin mai da tace, wanda yawanci ake yi bayan awa 250, kusan sau tara ke nan.

Wata mazauniya: Ni a ganina, a ƙara kashi 20 cikin ɗari a kan na bara, a huta. Haka muke yi a namu benen.

Tsohon akawu: Hajiya, ƙarin yana da amfani, amma idan lissafin bara ne ke da gyara, za a ɗora ne a kan kuskure. Gara a ware kuɗin ajiya a asusu na dabam, domin ranar da famfon burtsatse ya ƙone kada a taɓa kuɗin mai. Sannan a liƙa takardar shige da fice ta banki a ƙofar shiga duk wata, kowa ya gani da idonsa.

Wani mai gida: Alhaji, ba ku taɓo rabo ba. A wurinmu mai ɗaki biyu ya ƙi biyan daidai da mai ɗaki huɗu da na'urar sanyaya ɗaki uku, kuma gidaje biyu babu kowa a ciki.

Tsohon akawu: Gidan da babu kowa, mai shi ya kamata ya biya kasonsa, in ba haka ba giɓin zai faɗo kan sauran. Gadi da shara a raba daidai. Dizal kuwa sai an sa wa kowane gida ƙaramar mita za a yi adalci.

Sakataren kwamitin mazauna: Na gode, Alhaji. Sai dai yarjejeniyar hayarmu ta ce a raba komai daidai, don haka batun mita sai na kai shi gaban taro.