Neman shawara: jera littattafan Balaraba Ramat Yakubu gefe da tarihin rayuwarta

Rukayya (Unguwar Rimi): Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina rubuta kundin kammala digiri a kan Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, malamina kuma ya ce in fara da jadawali: littattafanta a gefe ɗaya, abubuwan da suka faru a rayuwarta a ɗaya gefen, shekara da shekara. Abin da na samu zuwa yanzu shi ne Budurwar Zuciya 1987, sai Alhaki Kwikwiyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? duk a 1990. Gefen rayuwar ne ya tsaye mini. Ta ina ake farawa, kuma ina zan samu shekarun da zan iya dogara da su?

Sadiq (Kawo): Wa'alaikumussalam. Ƙanwata, in zanen ne matsalar ki turo mini, zan tsara miki shi da launuka, har da hotunan bangon littattafan.

Rukayya: Na gode Yaya Sadiq, amma ban kai ga zane ba tukuna. Shekarun da zan zuba a ciki nake nema.

Malam Garba (Tudun Wada): 'Yata, na yi shekaru ina aikin laburare, bari in faɗa miki abin da na gani yana kayar da ɗalibai a irin wannan aiki. Suna ɗauka kowane littafi shekara ɗaya gare shi. Ba haka ba ne. Akwai lokacin da aka rubuta shi, akwai lokacin da aka fara buga shi, akwai kuma lokacin da aka buga kwafin da ke hannunki. Abin da ya fi kusa da rayuwar marubuciya shi ne lokacin rubutu, amma abin da ake samu a takarda shi ne lokacin bugu. Saboda haka ki ware wa kowanne gurbinsa a jadawalin. Inda babu shaidar lokacin rubutu ki bar gurbin a buɗe, kada ki cike shi da shekarar bugu don kawai kada ya zauna fayau.

Gefen rayuwa kuma, ki fara da abin da ba ya motsi. Ita ƙanwar Janar Murtala Ramat Muhammad ce, wanda ya hau mulki a Yulin 1975, aka kashe shi ranar 13 ga Fabrairu 1976. Wannan rana babu mai gardama a kanta, sai ki kafa ta ta zama turke. Daga nan ki dubi shekarar haihuwa. Za ki ga wasu sun rubuta 1958, wasu 1959. Ki sa duka biyun tare da wanda ya faɗi kowacce.

Hajiya Asabe (Malali): Malam ya yi gaskiya. Amma ni a ganina aikin nan da sauƙi, tunda Wa Zai Auri Jahila? ai labarinta ne. An cire Abu, tauraruwar littafin, daga makaranta aka aurar da ita ga dattijo, ita ma marubuciyar ta sha faɗa a hirarraki cewa an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana da shekara 13. Ki bi littafin kawai, 'yata, zai ba ki jerin abubuwan yadda suka faru. Mu da muka karanta shi lokacin da ya fito haka muka ɗauke shi.

Malam Garba: Hajiya, rabin maganarki na karɓa. Kamanceceniyar tana nan, kuma ita da bakinta ta yi maganar auren wuri, don haka wannan ya cancanci shiga jadawali. Inda na tsaya shi ne a kwashi abin da ya sami Abu a zuba shi a gefen rayuwar marubuciya. Marubuci yana ɗaukar abu ɗaya daga rayuwarsa ya haɗa da goma daga na maƙwabta da na tunaninsa. In Rukayya ta cike gefen rayuwa daga cikin littafin, sannan ta dawo a babi na huɗu ta ce ga shi littafin ya yi daidai da rayuwarta, to ba ta tabbatar da komai ba, kanta ta kewaya. Gefen rayuwa daga hira da jarida da takardu zai fito, ƙagaggen labarin kuma ya tsaya a nasa gefen.

Ga yadda za ki lissafa auren, Rukayya. Ba a ba ki shekara ba, shekarun haihuwa aka ba ki. In a 1958 aka haife ta, ta cika 13 a 1971, kuma tana nan a 13 har cikin 1972. In 1959 ce, daga 1972 ke nan zuwa cikin 1973. To abin da za ki rubuta shi ne "tsakanin 1971 da 1973", ki ƙara da cewa lissafi ne daga shekarunta. Ko da wannan faɗin, kin samu abin faɗa: auren ya riga mulkin yayanta, kuma tsakaninsa da littafin 1990 akwai shekara 17 zuwa 19. Wannan tazarar ita ce abin tambaya a kundinki, me ya faru a cikinta har yarinyar da aka cire daga aji ta zama mai buga littafi.

Hajiya Asabe: To Malam, na ji. Amma har yanzu ina nan a kan cewa wanda bai ɗanɗana ba ba zai rubuta shi haka ba.

Anti Ladi (Barnawa): Ina koyar da adabin Turanci a sakandare, kuma misalin da nake ba ɗalibaina zai taimaka miki, Rukayya. Buchi Emecheta ta fitar da In the Ditch a 1972, sannan Second-Class Citizen a 1974. Amma na biyun shi ne ke ba da labarin farkon rayuwa, ƙuruciya a Legas da aure da tafiya Landan, na farkon kuma labarin bayan rabuwa da miji ne. Sai The Bride Price da ya fito a 1976, alhali shi ta fara rubutawa, mijinta ya ƙone rubutun, ta sake shi daga baya. Wanda ya bi shekarun bugu kaɗai zai juya tarihin matar nan baibai. Ita dai an yi sa'a ta rubuta tarihin kanta, Head Above Water, a 1986, shi ya sa ake iya warware zaren.

Rukayya: Allah ya saka, Anti. Yanzu ga wata matsalar. Kwafin Alhaki Kwikwiyo Ne da na aro wurin gwaggona babu shekara a jikinsa ko kaɗan. Kuma tsakanin littattafan nan biyu na 1990, wanne ya riga?

Alhaji Sani (Kasuwar Barci): Ni na sayar da littattafan Hausa tun ana kawo mana su daga Kano a buhu. Rashin shekara ba baƙon abu ba ne, 'yata. Marubutan lokacin da kuɗinsu suke bugawa, in ya ƙare a koma maɗaba'a a sake, wani lokaci a canza bango, ba a rubuta cewa bugu na biyu ne. Amma littafi yana tona kansa. Ki duba lambar waya a baya. In kin ga wadda ta fara da 064, wayar tebur ce ta Kano. In kuwa kin ga 0803 ko 0802, to wannan kwafin bai riga 2001 ba, don a shekarar ne wayar salula ta shigo. Ki duba farashi in an buga shi a bango. Sannan shafukan ƙarshe, inda ake tallar littattafai: waɗanda aka ce "sun fito" da waɗanda aka ce "suna nan tafe". In kin ga ɗaya daga cikin biyun yana tallar ɗayan a matsayin mai zuwa, kin san wanda ya riga.

Malam Garba: Alhaji ya kawo dabara mai kyau, sai dai a yi hattara da ita. Tallar baya tana canzawa duk lokacin da aka sake bugu, don haka tana ba da shekarun kwafin ne, ba lallai na littafin ba. Sai an tabbatar bugun farko ne a hannu kafin a yanke wanne ya riga. Haka in kin ga mai littafin ya rubuta sunansa da kwanan wata a ciki, wannan yana nuna littafin ya riga ranar, bai nuna da shekara nawa ba.

Wuraren nema kuwa, ki fara da Gidan Arewa nan Kaduna, ki nemi tsofaffin jaridu irin su New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo na shekarun 1987 zuwa 1991, ko za ki dace da sharhi ko hira. Sharhin jarida yana da rana a kansa, abin da littafin ya rasa. Daga nan ki shiga mota zuwa Zariya, Laburaren Kashim Ibrahim. Ki kuma tambayi jerin littattafan Hausa na 1987 zuwa 2002 da Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka tattara, ya fito a 2004. In kina nema, ki gwada "Kwikwiyo" ki gwada "Kuykuyo", don an rubuta sunan iri biyu, kuma kundin laburare ba zai haɗa miki su ba.

Sadiq: To ni ga tawa gudummawar tunda zane bai zo ba. In a Excel za ki yi, kada ki rubuta "tsakanin 1971 da 1973" a gida ɗaya, ba zai jeru ba. Ki yi gida biyu, ɗaya na shekarar farko da abin zai iya faruwa, ɗaya na ta ƙarshe. Abin da ke da tabbas, irin 1976, ki sa shi a duka biyun. Gida na uku kuma na inda kika samo.

Anti Ladi: Kuma ki ba fim da fassara layinsu daban. An yi fim ɗin Alhaki Kwikwiyo a 1998, fassarar Aliyu Kamal ta Turanci kuma ta fito a Indiya a 2012. Na taɓa ganin an rubuta 2012 a matsayin shekarar littafin, an ɗauke shi daga inda yake an kai shi gaba da shekara 22.

Hajiya Asabe: Ni abin da ke raina ɗaya ne. Baiwar Allahn nan tana da 'ya'ya da dangi. Maganar aure da rabuwa, har ina ya kamata yarinya ta shiga? Ni dai a ce a tsaya a kan abin da ita ta faɗa a bainar jama'a.

Malam Garba: Abin da ta faɗa da bakinta aka buga, ya shiga, da sunan jaridar da ranar. Jita-jita ba ta shiga. Tsakanin biyun akwai abin da wasu masu nazari suka rubuta ba tare da sun ce daga gare ta suka ji ba, ni zan sa shi da alamar tambaya.

Hajiya Asabe: Ni kuwa ba zan sa ba, Malam. Alamar tambaya tana faɗuwa in wani ya kwafa, maganar ta zauna.

Rukayya: Wannan zan kai wa malamina ya yanke. Na duba kwafin gwaggo yanzu, Baba Alhaji, lambar salula ce a bayansa, ke nan ba bugun farko ba ne. Akwai wanda ke da tsohon kwafi na ɗaya daga cikin biyun, ko da bangon ya yage? Shafukan ƙarshe kawai nake so in ɗauki hotonsu.

Alhaji Sani: Akwai wani kwali a shago da ban buɗe ba tun da na koma sayar da littattafan makaranta. Ki zo ranar Asabar bayan la'asar mu zazzage shi, ki taho da na gwaggon naki mu gwada bangon.